Daidaita Kuɗin Rufe Shekara Tsakanin Bayanin Shige da Ficen Kuɗi da Bayanin Matsayin Kamfani

Bayanin shige da ficen kuɗi yana ƙarewa ne da adadi guda, wato kuɗin da kamfani ya rufe shekara da su. Ana kai wa ga wannan adadi ta hanyar ɗaukar kuɗin da aka buɗe shekara da su, a ɗora abin da ya shigo, a ɗebe abin da ya fita, ta fannoni uku: harkar yau da kullum, zuba jari, da samar wa kamfani kuɗi ta rance ko hannun jari. Shi ma bayanin matsayin kamfani, takardar da ke jera kadarori da basussuka da jarin masu kamfani a ranar ƙarshe ta shekara, yana da nasa layin kuɗi. Adadin farko lissafo shi aka yi. Na biyun kuwa daga littafin asusu aka ɗauko shi, bayan an ƙirga abin da ke cikin sef an kuma tabbatar da abin da ke banki. Tunda ta hanyoyi biyu aka bi, haɗuwarsu shaida ce cewa an kama duk motsin da kuɗi suka yi a shekarar.

Idan suka saɓa, saɓanin iri biyu ne, kuma aikin akanta duka ya ta'allaƙa ne a kan rarrabe su. Akwai saɓani na halal, wanda ke tasowa domin takardun biyu ba abu ɗaya suke nufi da kuɗi ba. Irin wannan ba a share shi. Jera shi ake yi a bayyana wa mai karatu. Akwai kuma saɓanin kuskure, wanda dole a gano tushensa a gyara. Ƙa'idar IAS 7, wadda kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya ke bi tun da suka koma tsarin IFRS a 2012, ta wajabta a sakin layinta na 45 cewa kamfani ya bayyana abubuwan da ya haɗa suka zama kuɗinsa, ya kuma nuna yadda adadin bayanin shige da fice ya daidaita da abin da ke bayanin matsayi.

Abin da ake tabbatarwa kafin kwatanci

Ba a fara kwatanta adadi biyu alhali ɗayansu bai zauna ba. Da farko ana daidaita littafin kuɗin kamfani da takardar da banki ya bayar, asusu bayan asusu. A nan ne ake gano cek ɗin da aka rubuta wa mai kawo kaya amma bai kai banki ba, da cinikin POS na ranar 31 ga Disamba wanda bai sauka ba sai a Janairu, da cajin da banki ya zare ba a shigar a littafi ba, da cek ɗin da ya haura wata shida bai je banki ba har ya mutu, wanda ya kamata a mayar da kuɗinsa littafi. Kuɗin sef kuwa ƙirga su ake yi a gaban shaida, a sa hannu.

Masu koyo kan haɗa wannan aiki da daidaitawar da ake magana a kai, alhali sun bambanta. Cek ɗin da bai je banki ba yana raba littafi ne da takardar banki. Ba ya raba bayanin shige da fice da bayanin matsayi, domin su biyun daga littafi ɗaya suka fito. Duk wanda ya kawo cek ɗin da bai je banki ba a matsayin dalilin giɓi tsakanin waɗannan bayanai biyu, to ya ɗauko adadin banki ne ya sa a ɗayansu maimakon adadin littafi.

Abu na biyu shi ne kuɗin buɗe shekara. Dole ya zama daidai da adadin da bayanin shige da fice na bara ya rufe da shi, kamar yadda odita ya sa wa hannu, ba adadin layin kuɗi na bayanin matsayin bara ba, sai fa idan su biyun ɗaya ne. Duba wannan ba ya cin minti biyar, amma yana yawan raba gardama tun ba a yi nisa ba. Kamfanin da ya buɗe da adadi bisa wata ma'ana, ya rufe bisa wata, ba zai taɓa daidaita ba komai tsaftar abin da ke tsakani.

Me ake ƙirgawa a matsayin kuɗi

A wajen IAS 7, kuɗi su ne na hannu da ajiyar banki da za a iya cira duk lokacin da aka so. Sai kuma makwafin kuɗi, wato ajiya ta ɗan gajeren lokaci da za a iya mayarwa tsabar kuɗi nan take, a kan adadin da aka riga aka sani, ba tare da wata fargabar faɗuwar daraja ba. Ma'aunin da aka saba bi shi ne wata uku ko ƙasa da haka, kuma ana ƙirga watannin daga ranar da aka yi ajiyar, ba daga ranar rufe shekara ba. A nan mutane da yawa ke zamewa. Ajiyar wa'adi ta kwana 180 da aka yi a watan Agusta, wadda za ta cika a Fabrairu, ba ta zama makwafin kuɗi don kawai saura mata 'yan makonni a ranar 31 ga Disamba. Haka takardun lamunin gwamnatin Najeriya na gajeren zango: na kwana 91 na iya shiga, na kwana 182 da 364 da aka saya tun fitowarsu ba sa shiga. Kuɗin da aka zuba a irin wannan ajiya fita suka yi, kuma a fannin zuba jari ake nuna fitarsu.

Bashin zarce, wato damar da banki ke ba kamfani ya ciri fiye da abin da ke asusunsa, shi ne ya fi yawan raba adadin biyu. A bayanin matsayi yana zaune ne cikin basussukan da ake biya nan kusa, kuma ba a yarda a ɗebe shi daga kuɗin da ke wani banki daban don layin ya yi kyau ba. A bayanin shige da fice kuwa ƙa'idar ta ba da damar a ɗebe shi daga kuɗi, bisa sharuɗɗa biyu: banki na iya neman kuɗinsa a kowane lokaci, kuma kamfani na amfani da shi ne wajen juya kuɗin yau da kullum. Alamar hakan a takardar banki take. Idan asusun yana hawa yana sauka, wannan mako da kuɗi a ciki, mako mai zuwa ya zarce, to juya kuɗi ne. Idan kuwa tun Janairu har Disamba bai taɓa fita daga bashi ba, to rance ne da aka sa wa wani suna, kuma wurinsa fannin samar da kuɗi.

Sai kuɗin da aka ɗaure. Mai shigo da inji daga waje yakan ajiye kuɗi a banki a matsayin jingina kafin a buɗe masa takardar lamunin biya, kuma banki ba zai sake su ba sai an kammala cinikin. Kuɗin na kamfani ne, amma ba ya iya taɓa su, don haka ba sa cikin abin da zai iya cira a duk lokacin da ya so. Wannan ya bambanta da ajiyar da kamfani ya yi wa wani alkawarin ba zai kashe ba, alhali banki bai hana shi cira ba. Kwamitin fassara ƙa'idojin IFRS ya yi bayani a 2022 cewa irin wannan ta biyun tana nan a matsayin kuɗi, sai dai a bayyana takunkumin da ke kanta. Abin tambaya ke nan kullum: banki ne ya kulle, ko kamfani ne ya yi alkawari?

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki wani kamfanin casar shinkafa da ke rufe shekararsa ranar 31 ga Disamba. Alƙaluman na misali ne, duk a miliyoyin naira. Bara ya rufe da 52 a hannu da banki, da bashin zarce na 14, don haka bayanin shige da ficensa na bara ya ƙare a kan 38. Cikin 52 ɗin akwai dala 20,000 a asusun dala, waɗanda aka ƙiyasta a kan naira 900 kowace, wato miliyan 18. Ba a taɓa su ba duk shekara, amma a ranar rufewa ta bana dala ta kai naira 1,500, sai suka zama miliyan 30.

Layin kuɗin hannu da na banki a bayanin matsayi na bana ya nuna 155. Akanta ya haɗa daftarinsa na farko: harkar yau da kullum ta kawo 111, zuba jari ya ci 54, samar da kuɗi ya kawo 20. Ƙarin da aka samu 77 ke nan, idan aka ɗora a kan 38 ya ba da 115. Giɓi tsakanin 155 da 115 shi ne 40.

Da ya duba abin da ke cikin 155 ɗin sai ya tarar da ajiyar wa'adi ta kwana 180 wadda adadinta 40 ne cif. Jarabar a fili take: ajiyar ba makwafin kuɗi ba ce, a cire ta daga 155, saura 115, an daidaita, a rufe fayil. Amma wannan daidaito na ƙarya ne, kuma tambaya ɗaya ta isa ta fallasa shi. Idan ajiyar ba ta cikin kuɗin rufewa, to dole fitar miliyan 40 ɗin ta bayyana a fannin zuba jari. An duba, 54 ɗin da ke can kuɗin inji ne kawai. Daftarin bai taɓa ɗebe ajiyar ba, ke nan har yanzu tana cikin 115 ɗin. Giɓin ya yi daidai da ita ne bisa katari. Duk abin da aka ce shi ne dalilin giɓi, sai an ga ƙafarsa ta biyu a cikin bayanin kafin a yarda.

Hanyar da ta dace ita ce a ajiye daftarin gefe, a fara gina adadin da ya kamata a tarar daga ɓangaren bayanin matsayi. An warware 155 ɗin: 1.5 a sef, 43.5 a asusan naira, 30 a asusun dala, 25 a ajiyar wa'adi ta kwana 60, 40 a ta kwana 180, da 15 na jingina da banki ya kulle har sai wani injin da aka yi oda ya iso. A ɓangaren basussuka kuma akwai bashin zarce na 22, kuma takardar banki ta nuna asusun yana shiga bashi yana fita a tsawon shekara, don haka ya cika sharaɗi.

```
Kuɗin hannu da banki a bayanin matsayi      155
A ɗebe ajiyar wa'adi ta kwana 180           (40)
A ɗebe jinginar da banki ya kulle           (15)
A ɗebe bashin zarce                         (22)
Kuɗin rufewa da ya kamata a tarar            78
```

Waɗannan ukun su ne saɓani na halal. Yanzu an san inda aka dosa: 78, ba 155 ba, ba kuma 115 ba. Sai a koma kan daftarin. An shigar da fitar 40 da ta 15 a fannin zuba jari, sai 115 ta sauko zuwa 60. Bashin zarce ba ya buƙatar wani layi a cikin fannonin uku, domin tun a kuɗin buɗewa aka ɗebe na bara. Giɓin gaskiya ya fito: 78 a gefe guda, 60 a ɗaya gefen, saura 18. Wannan kuma kuskure ne zalla, tunda an riga an kawar da duk bambancin ma'ana.

Kaso mafi girma a cikinsa daga dala ya fito. Ribar miliyan 12 da aka samu saboda faɗuwar naira ta shiga ribar shekara, kuma akanta ya yi daidai da ya cire ta daga harkar yau da kullum, domin ba kwabon da ya shigo. Dala 20,000 ɗin nan dai su ne. Sai dai adadin rufewa yana ɗauke da su a kan sabon farashi. Saboda haka ne IAS 7 ta ce a nuna tasirin canjin kuɗi a layinsa daban, a ƙasan fannonin uku, tsakanin jimlar motsin kuɗi da kuɗin rufewa. Akanta ya cire ribar a sama, bai dawo da ita a ƙasa ba. A shekarun da farashin dala na gwamnati ke zaune wuri ɗaya, wannan layi kan yi ƙanƙanta har a manta da shi. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a Yunin 2023 naira ta faɗi ƙwarai, layin ya zama mai nauyi ga duk kamfanin da ke riƙe da dala. A lura kuma cewa tasirin canji a kan kuɗi kaɗai ke shiga wannan layi. Riba ko asarar canji a kan rancen dala, ko a kan bashin mai kawo kaya daga waje, ba ta da wuri a nan.

Da aka ƙara 12, daftarin ya kai 72, saura 6. An bi fannin samar da kuɗi: sabon rance 50, biyan tsohon rance 14, rabon riba ga masu hannun jari 16. Amma 16 ɗin abin da aka amince a raba ne. Takardar banki ta nuna 10 kawai aka biya kafin ƙarshen shekara, sauran 6 suna nan a bayanin matsayi a matsayin bashin da masu hannun jari ke bin kamfani. Bayanin shige da fice abin da aka biya yake ɗauka, ba abin da aka ayyana ba. Da aka gyara, fannin ya tashi daga 20 zuwa 26, kuɗin rufewa ya zama 78.

Kuskuren da daidaito ba ya nunawa

An kai ga 78, amma aiki bai ƙare ba. Daidaiton ƙarshe yana tabbatar da jimla ne kawai. Bai ce kowane adadi yana fanninsa ba. Kuskure biyu masu girma ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna cinye juna su bar jimla lafiya lau.

A wannan kamfani akwai irinsa. Injin da aka girka a shekarar kuɗinsa 54, amma 30 aka biya, sauran 24 mai injin yana bi. Akanta ya ɗauki 54 daga jadawalin kadarori ya sa a zuba jari. Sannan da ya zo lissafin ƙaruwar bashin da masu kawo kaya ke bin kamfani, ya haɗa har da 24 ɗin mai inji, sai harkar yau da kullum ta kumbura da wannan adadi. Jimla ba ta motsa ba, amma bayanin yana cewa casar shinkafa ta samar da 111 alhali 87 ta samar. Manajan bankin da zai auna ko kamfani na iya biyan rance, wannan adadin zai fara dubawa, don haka kuskuren ya fi na rabon riba illa duk da cewa bai bar giɓi ba. Gyaransa shi ne a zare bashin mai inji daga cikin basussukan ciniki, a nuna 30 kawai a zuba jari, a kuma yi bayanin 24 ɗin a ƙarin bayani a matsayin cinikin da kuɗi ba su motsa a kansa ba tukuna.

Ribar dala ma za ta iya ɓuya haka. Da akanta ya bar 12 ɗin cikin riba bai cire ba, bai kuma sa layin canji ba, da jimla ta daidaita, harkar yau da kullum kuma ta ɗauki kuɗin da ba ta samar ba. Bayan duk gyare-gyare, ƙarshen bayanin ya tsaya kamar haka:

```
Harkar yau da kullum                         87
Zuba jari (30 + 40 + 15)                    (85)
Samar da kuɗi (50 - 14 - 10)                 26
Ƙarin kuɗi a shekara                         28
Kuɗin buɗe shekara                           38
Tasirin canjin kuɗi                          12
Kuɗin rufe shekara                           78
```

Da a ce asusun zarcen nan bai taɓa fita daga bashi ba, da lissafin ya ɗauki wata kama. Za a buɗe da 52, a rufe da 100, ƙaruwar bashin daga 14 zuwa 22 kuma ta shiga samar da kuɗi a matsayin 8 da suka shigo. Kowace daga cikin hanyoyin biyu tana daidaita idan an bi ta ita kaɗai. Wanda ya ɗebe bashin daga kuɗi, sannan ya sake nuna ƙaruwarsa a samar da kuɗi, zai tarar da giɓin 8, domin ya ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Yadda ake farautar giɓin da ya ƙi fitowa

A misalin da ya gabata an yi sa'a, abubuwan da ake zargi tun farko su ne masu laifin. Idan ba haka ba, akwai hanyar da ba ta kuskure, kuma daga ginin bayanin matsayi kanta ta samo asali. Tunda kadarori daidai suke da basussuka haɗe da jari, to canjin da aka samu a kuɗi dole ya zama daidai da canjin basussuka da jari, a ɗebe canjin sauran kadarori. Ma'ana, muddin bayanin matsayi na bana da na bara sun daidaita, giɓi a bayanin shige da fice yana nufin akwai layin da ba a kwashe motsinsa duka ba, ko aka kwashe shi sau biyu, ko aka juya masa alama.

Sai a shimfiɗa jadawali. Kowane layi na bayanin matsayi ya samu jerinsa: adadin bara, na bana, da bambancinsu. A gefe kuma a buɗe ginshiƙai, kowane guda na wakiltar layi ɗaya na bayanin shige da fice, da ginshiƙi na musamman don abin da kuɗi ba su motsa a kansa ba. Ana rarraba bambancin kowane layi cikin ginshiƙan har ya ƙare, kuma ginshiƙi na ƙarshe ya nuna abin da ya rage ba a rarraba ba, wanda dole ya zama sifili a kowane jeri. Shi ma ginshiƙin abin da ba kuɗi ba, jimlarsa daga sama zuwa ƙasa sifili ce, domin duk irin wannan shigarwa ƙafa biyu gare ta a cikin bayanin matsayi. Da an yi wannan tun farko, da jerin bashin rabon riba ya nuna 6 a tsaye ba inda aka kai su.

Layukan da suka fi riƙe giɓi sanannu ne. Kadarori masu daɗewa suna motsawa ta saye, da sayarwa, da ragin daraja na shekara, da sake ƙiyasi, kuma ba duka ne kuɗi ba. Idan aka sayar da tsohuwar mota, kuɗin da aka karɓa ake nunawa a zuba jari, ribar sayarwar kuma a cire ta daga harkar yau da kullum. Haraji da kuɗin ruwa suna da matsala irin ta rabon riba, wato bambanci tsakanin abin da aka caje da abin da aka biya. Tarin ribar da ba a raba ba kan ɗauki gyaran shekarun baya wanda bai bi ta ribar bana ba. Ana kuma samun gyaran da odita ya kawo a makare, aka shigar a bayanin matsayi, aka manta da bayanin shige da fice da aka riga aka haɗa.

Girman giɓin shi ma yana ba da haske. Idan aka raba shi biyu ya yi daidai da wani adadi a bayanin, to an juya alama, an tara abin da ya kamata a ɗebe; ƙaruwar hajar sito ta 7 da aka tara maimakon a ɗebe tana haifar da giɓin 14. Idan giɓin ya rabu da 9 ba saura, a duba ko an musanya lambobi wajen bugawa, kamar 54 ta zama 45. Giɓin 1 a bayanin da aka rubuta a dubbai yawanci daga cike lambobi ne, kuma ana gyara shi a layi mafi girma. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ƙirƙiri layi mai suna sauran abubuwa a zuba giɓin a ciki, ko a ɗauko kuɗin rufewa kai tsaye daga bayanin matsayi a dasa a ƙasan bayanin shige da fice. Na biyun ya fi haɗari a jadawalin kwamfuta, domin layin dubawa zai riƙa nuna sifili har abada, tunda adadi ɗaya ake kwatantawa da kansa. Odita kan tara bayanin da kansa daga sama zuwa ƙasa saboda wannan.

Yadda ake gabatar da shi

Sakamakon aikin yana fitowa ne a ƙarin bayani na rahoton shekara, a jadawali mai ginshiƙi biyu, na bana da na bara. Ana jera abubuwan da suka haɗu suka ba da layin bayanin matsayi, a ɗebe waɗanda ba su cika sharaɗi ba, a kai ga adadin bayanin shige da fice, kamar yadda aka sauko daga 155 zuwa 78. Ana faɗin ma'aunin da kamfani ya bi wajen tantance makwafin kuɗi, da dalilin da ya sa wasu kuɗi ba sa taɓuwa. Ya fi tsafta a fitar da ajiyar kwana 180 da jinginar daga layin kuɗi tun a bayanin matsayi, a ba su nasu layi. Idan aka yi haka layin zai nuna 100, kuma bashin zarce kaɗai zai rage a daidaitawar.

Wasu abubuwa kan shigo jadawalin a manyan kamfanoni. Kuɗin ruwan da ajiya ta tara amma ba a karɓa ba, idan an haɗa shi a layin kuɗi, ana ɗebe shi. Tanadin asarar da IFRS 9 ke sa a yi a kan ajiyar banki yana rage adadin bayanin matsayi ba tare da kuɗi sun fita ba. Reshen da aka sa a kasuwa, wanda IFRS 5 ta sa aka tattara kadarorinsa a layi guda, kuɗinsa ba sa cikin layin kuɗi, don haka ana dawo da su a jadawalin. Bankuna kuma suna ɗebe ajiyar dole da Babban Banki ke riƙe musu.

A Nijar da sauran ƙasashen OHADA, tsarin SYSCOHADA da aka sabunta, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, ya maye gurbin tsohon jadawalin TAFIRE da jadawalin shige da ficen kuɗi. A can bayanin matsayi yana da rukunin Trésorerie-Actif a ɓangaren kadarori da Trésorerie-Passif a ɓangaren basussuka, inda bashin zarce da lamunin banki na ɗan lokaci ke zama. Jadawalin yana buɗewa da bambancin rukunan biyu na bara, yana kuma rufewa da adadin da dole ya yi daidai da bambancinsu na bana. Kamfanin da ke Kano mai reshe a Maraɗi, idan zai haɗa rahotonsa bisa IFRS, sai ya sake duba abin da ke cikin rukunan reshen ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin IAS 7, sannan ya lissafa tasirin canji tsakanin sefa da naira a kan kuɗin reshen ya sa a layin canji.